Jagorar Sabon Sakatare: Abin da Ake Rubutawa da Abin da Ake Bari a Wurin Taro

Da wuya ka sami ƙungiya a Illela da ba ta da littafin taro. 'Yan albasa suna da nasu, dillalan shanu suna da nasu, haka direbobi da 'yan hatsi da kwamitocin masallatai. Galibi wanda ake miƙa wa littafin shi ne matashin da ya fi kowa kyan rubutu, ko wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Sakkwato ba. Ana ba shi biro a ce ya rubuta, babu mai gaya masa me zai rubuta. Shi ya sa sababbin sakatarori ke faɗawa ɗaya daga ramuka biyu. Wani ya kwashe duk abin da ya fito daga bakin kowa, har da zagi da gori. Wani kuma tsoro ya kama shi, ya rubuta layi biyu: an tattauna, an rufe taro da addu'a. Na farkon ya ajiye wa ƙungiya fitina, na biyun bai ajiye mata komai ba.

Bayanin taro, wanda 'yan ofis ke kira minit, shaida ce ta abin da taro ya zartar. Idan ƙungiya za ta buɗe asusu ko ta canza masu sa hannu, banki kan nemi ganin ƙudurin da aka zartar. Idan rigima ta kai gaban alƙali, bayanin da shugaba ya sa wa hannu na cikin abin da za a fara nema. Mai karanta shi sau da yawa bai halarci zaman ba, kuma bai san wa ke gaba da wa ba. Shi ake rubuta wa.

Zan bi matakan aikin da labarin wani sabon sakatare na wata ƙungiyar 'yan hatsi. Na sakaya sunaye, na kuma daidaita adadin kuɗin don lissafi ya yi sauƙin bi.

Tushen rigimar

Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyakar Illela da Birnin Ƙwanni, ba a sake buɗe ta ba sai watan Maris na 2024. Kafin rufewar, an ranta wa wani ɗan ƙungiya kuɗi daga asusu don ya sayo wake a tsallake. Kaya suka maƙale a Ƙwanni, daga baya ya sayar da su can da sefa. A tsakanin nan darajar naira ta faɗi ƙwarai. Da aka kira taro wata Litinin bayan ƙaramar Sallah, kowa ya zo da abin da ke ransa. Ranar ce kuma yaron ya fara riƙe littafi.

Kayan aiki

Littafin taro mai bango mai ƙarfi, ɗinkakke, wanda aka sa wa kowane shafi lamba tun daga farko har ƙarshe. Dalilin lambar shi ne idan an yage shafi a gane.

Littafin gefe na rubutun gaggawa. A cikinsa ake rubutu lokacin taro. Babban littafin ba ya buɗuwa sai don karanta bayanin zaman da ya wuce.

Biro biyu. Ba a amfani da fensir, domin abin da ake iya gogewa ba ya zama shaida.

Takardar sunayen mahalarta, da gurbin sa hannu ko dangwala yatsa.

Kwafin tsarin mulkin ƙungiya, da ajandar ranar, da agogo.

Game da naɗar murya da waya, kada ka yi sai taro ya sani kuma ya yarda. Muryar da aka naɗa a ɓoye, in ta fita, ta fi kowane rubutu ɓarna, kuma daga ranar mutane sun daina sakin baki a gabanka.

Mataki na 1: Shirya shafinka kafin mutane su zauna

Ka zauna da shugaba ku daidaita ajanda, ka tambaye shi wane batu ake sa ran zai yi zafi. Ka ware wa kowane batu shafinsa a littafin gefe, ka raba shafin gida uku: hujjojin da aka kawo, abin da aka yanke, sai wanda zai aiwatar da ranar da aka ɗibar masa. Amfanin wannan rabo shi ne idan hayaniya ta kaure, hannunka ya san inda zai nufa. Maganar da ba ta sami gurbi a ɗaya daga cikin gidaje ukun ba, alama ce ta farko cewa ba ta littafi ba ce.

Yaron namu bai yi haka ba. Ya buɗe babban littafi kai tsaye, ya shiga bin bakin mutane layi bayan layi kamar mai ɗaukar shifta.

Mataki na 2: Kafa shaidar cewa taro ya zauna bisa ƙa'ida

Rubuta sunan ƙungiya, irin taron, wuri, rana, lokacin farawa, da wanda ya jagoranta. Ƙirga waɗanda suka zo, ka gwada da adadin da tsarin mulki ya ce sai an cika shi kafin a yanke hukunci. A wannan zama mutum 42 ne suka sa hannu cikin 'yan ƙungiya 60, tsarinsu kuma rabi yake nema. Wannan layi ɗaya shi ke rufe bakin wanda zai zo gobe ya ce ai 'yan tsiraru ne suka haɗu suka yanke. Wanda ya aiko da uzuri a rubuta sunansa. Dalilin uzurin, in rashin lafiyar iyali ne ko wata matsala ta gida, ba sai ya shiga ba. Idan wani ya fita kafin a kaɗa ƙuri'a, rubuta lokacin fitarsa, domin ya shafi ƙidaya.

Mataki na 3: Lokacin da rai ya ɓaci, nemi hujjar da ke cikin faɗan

Ma'aji ya karanta rahotonsa. An tara naira 1,850,000. An kashe 640,000, akwai rasit. Akwai 760,000 a banki. Ragowar 450,000 ita ce aka ranta.

Kafin ya zauna wani dattijo ya miƙe, ya nuna mai bashin da sanda, ya ce ɓarawo ne, kuma an san gidansu da haka tun zamanin ubansa. Wani ya ce ai ba maƙalewa kayan suka yi ba, ta ɓarauniyar hanya aka shigo da su da dare. Mai bashin ya rantse, muryarsa na rawa, ya ce asarar da ya yi har ta kai ya sayar da gonar matarsa. Wani daga baya ya ce shugaba surukinsa ne, shi ya sa aka ba shi kuɗin ba tare da an tambayi kowa ba. Yaron nan duk ya rubuta, da sunan kowa a gaban maganarsa, gumi na ɗiga a kan takarda. Kafin la'asar ya cika shafi shida.

Ga abin da ya kamata kunnensa ya tsinta. A ƙarƙashin hayaniyar, maganganu uku ne kacal ke yawo. Na ɗaya, an ba da rancen ba da amincewar taro ba. Na biyu, wasu na ganin tunda da sefa ya sayar, sefa kuma yanzu ta fi sayen naira, ya kamata ya biya fiye da abin da ya karɓa. Na uku, wasu na ganin naira ya ranta, naira zai mayar daidai wa daida, ƙari a kan bashi riba ce da addini ya hana. Mutum sama da goma sun yi magana, amma duk wanda ya tashi ɗaya daga cikin ukun nan yake maimaitawa da zafinsa. Aikin sakatare kamar na mai sheƙar gero ne: ya bar iska ta tafi da ƙaiƙayi, ya tare tsabar.

Saboda haka kada ka bi mutane, ka bi hujjoji. Idan an kawo sabuwar hujja, ka rubuta ta da kalmomi biyar ko shida. Idan an maimaita tsohuwa, ka ɗaga biro ka saurara.

Mataki na 4: Tsayar da taro ka tabbatar da ƙuduri da adadi

Wannan ne wuri ɗaya da sakatare ke da ikon katse manya, kuma sababbi kan ji nauyin yin haka. Idan an ce an amince, mutane suka fara neman takalmansu, ka ɗaga hannu ka ce: "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in karanta abin da na rubuta, a ji ko haka aka yanke." Ka karanta a fili. Sau da yawa a nan ake gano cewa rabin mutane wani abu suka fahimta, rabi wani daban. Gara a gano kafin a watse.

A garin iyaka akwai ƙarin tarko. Mai bashin ya ce zai fara kawo jaka ɗari. A bakin mutumin Ƙwanni jaka ɗaya sefa dubu ce, a tsohon lissafin wannan ɓangaren kuwa naira 200 ce. Kada ka taɓa rubuta adadi ba tare da sunan kuɗin ba, kuma ka sa shi da lamba da kuma kalmomi. In an yi maganar canji, a rubuta farashin da aka yarda da shi da ranarsa. Haka nan "in kasuwa ta ci" ba rana ba ce. Kasuwar Illela kowace Lahadi take ci, sai a faɗi wace Lahadin.

Mataki na 5: Tace rubutun tun abin yana sabo a kanka

Da dare yaron ya kai shafukansa wurin tsohon sakataren ƙungiyar, wanda ido ya sa ya ajiye aikin. Ya karanta masa. Da ya kai wurin ɓarawo, tsohon ya ɗaga hannu.

"Tsaya, yaro. Wanga da ka rubuta, taro ya yanke shi?"

"A'a, Baba, faɗa dai aka yi."

"To in ɗan mutumin ga ya buɗe littafin nan bayan shekara goma, mi za ka ce mishi?"

Yaron ya yi shiru. Da tambayar farko suka bi shafukan gaba ɗaya, kuma ga abin da ya fita.

Zagi da gori. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, amma duk da haka wadda aka faɗa da baki tana dusashewa, a haɗu a masallaci a gaisa. Wadda aka rubuta za a sake karanta ta a zama na gaba a gaban kowa, faɗan ya dawo sabo. Ban da haka, kiran mutum ɓarawo a rubuce na iya zama ƙarar ɓata suna, kuma hannun da ya rubuta ba zai kuɓuta da cewa ji ya yi ba.

Zargin da ba a kawo wa hujja ba. Maganar ɓarauniyar hanya ji-ta-ji-ta ce. Babu wanda ya kawo shaida, taro bai bincika ba, bai kuma yanke komai a kai ba. In ta zauna a littafi, duk jami'in da ya karanta zai ɗauka ƙungiya ce ta tabbatar da ɗanta na fasa-ƙwauri. In mai zargin da gaske yake, hanyarsa ita ce ya kawo ƙorafi a rubuce da sa hannunsa. A lokacin sai a rubuta cewa an karɓi ƙorafi an miƙa wa kwamiti.

Sirrin gida. Gonar matarsa da surukuta ba su cikin ajanda. Ya isa a ce ya bayyana asarar da rufe iyaka ta jawo masa.

Yanayin mutane. Ya fusata, ya buga tebur, murya na rawa: duk fassarar sakatare ce. Haka kalmomi irin su "abin takaici" ko "cikin hikima". Da zarar ka yaba wa wani ko ka kushe shi, ka shiga ɓangare.

Sunayen masu muhawara. Ana cewa "wasu sun ga cewa", "an kawo hujjar cewa". Idan mutane suka san kowace kalma za a liƙa musu, masu gaskiya za su yi gum, masu son a ji su za su tsawaita. Suna yana shiga a wuri huɗu: wanda ya gabatar da rahoto, wanda ya kawo ƙuduri da wanda ya mara masa baya, wanda aka ɗora wa aiki ko biya, da wanda ya nemi a rubuta rashin amincewarsa.

Mataki na 6: San abin da ba a cirewa komai ɗacinsa

A nan ne tacewa ke iya rikiɗewa ta zama rufa-rufa, kuma wannan ya fi kuskuren farko muni. Washegari shugaba ya kira yaron gefe a bakin shagonsa, ya ce tunda an sasanta, maganar cewa an ba da rance ba da sanin taro ba a bar ta kawai. Yaron ya russuna ya ce: "Alhaji, a gafarce ni. Maganar surukuta na cire, don ba ta taro ba ce. Amma wannan an kafa kwamiti a kanta. In na cire ta, mai karatu zai tambayi dalilin kwamitin."

Amsar ta yi daidai. Ba a cire adadin kuɗi, ko da ya kunyata wani. Ba a cire ƙuduri da yawan ƙuri'un da ya samu. Ba a cire saɓa ƙa'idar da taro ya tattauna ya ɗauki mataki a kai. Ba a cire adawar wanda ya ce a rubuta. Idan shugaba ko wani jami'i na da alaƙa da batun har ya bayyana haka da kansa, ko ya janye daga ƙuri'a, wannan ma yana shiga, domin taro ne ya shaida. Ga ma'aunin da zai raba maka gardama: in cire magana zai kare mutuncin mutum kawai, cire ta. In cire ta zai hana 'yan ƙungiya sanin inda kuɗinsu ya shiga ko wa zai amsa tambaya, bar ta.

Mataki na 7: Shigar da shi babban littafi

Kada a wuce kwana biyu, domin bayan haka abin da aka faɗa a taro da abin da aka faɗa a bakin kasuwa kan cakuɗe a kai. Kowane batu da lambarsa, jimloli gajeru. Ga yadda shafi shida suka koma:

"Batu na 4: Rahoton kuɗi. Ma'aji ya gabatar da rahoto: an tara naira 1,850,000, an kashe naira 640,000 bisa rasit, akwai naira 760,000 a banki, an ranta wa ɗan ƙungiya naira 450,000 kafin rufe iyaka a 2023. An nuna cewa ba a kawo rancen gaban taro ba kafin a bayar. Wanda ya karɓa ya amsa bashin, ya bayyana asarar da rufe iyaka ta jawo masa. Wasu sun nemi a biya bisa darajar sefa ta yanzu, wasu sun ga a biya adadin da aka ranta ba ƙari.

"Ƙuduri: a biya naira 450,000 (dubu ɗari huɗu da hamsin) kashi uku, naira 150,000 kowace Lahadin farko ta watan Mayu da Yuni da Yuli, a asusun ƙungiya na banki, a kawo wa ma'aji shaidar biya. Mutum 31 sun amince, 9 sun ƙi, 2 sun ƙaurace. An kafa kwamitin mutum uku ya duba littattafan kuɗi ya kawo rahoto a zama na gaba. Daga yau ba a ba da rance sai da amincewar taro. Ɗan ƙungiya ɗaya ya nemi a rubuta cewa bai amince da yadda aka ba da rancen ba."

A ainihin littafin, sunan mai bashin da na 'yan kwamiti da na mai adawar duk suna nan, haka wanda ya kawo ƙudurin da wanda ya mara masa baya. Kafin ka rufe, yi lissafi biyu. Haɗa kuɗin ka ga sun koma 1,850,000. Haɗa ƙuri'un ka ga sun yi daidai da mutum 42 da suka sa hannu. In ba su yi ba, ko wani ya fita ba ka lura ba, ko ƙidayar ta sami matsala. Kada ka bar fili tsakanin sakin layi, in kuma shafi bai cika ba ka ja layi a ragowar, don kada a cusa wani abu daga baya.

Mataki na 8: Karantawa, gyara da sa hannu

Bayanin taro bai zama na ƙungiya ba sai an karanta shi a zama na gaba an amince. A wannan zama dattijon mai sanda ya tashi ya ce ba a rubuta maganarsa ba. Shugaba ya tambaye shi ko akwai abin da aka yanke da bai ji an karanta ba. Ya ce babu. Aka tambaye shi ko yana so a rubuta adawarsa da ƙudurin. Ya yi ɗan jim, ya ce a rubuta, aka ƙara sunansa. Kalmar da ya faɗa wancan zaman kuwa, shi da kansa bai maimaita ta ba.

Gyara iri biyu ake kawowa, kuma dole ka bambance su. Idan kuskuren rubutu ne, misali an sa Yuni a wurin Yuli, sai a ja layi ɗaya a kan kalmar yadda za a iya karanta ta, a rubuta daidai a sama, shugaba ya sa hannu a gefe. Ba a kankarewa, ba a shafa farin ruwan gyara, ba a yage shafi. Idan kuwa mutum ra'ayi ya canza yana so a sauya abin da aka yanke, wannan ba gyara ba ne, sabon ƙuduri ne, wurinsa bayanin zaman yau. Bayan an amince, shugaba da sakatare su sa hannu da kwanan wata.

Saura littafin gefe. Ka adana shi inda ba mai gani har a amince da bayanin, domin shi ne madogararka in an yi musun adadi. Bayan haka ka bi abin da ƙungiya ta tsara game da shi, sai fa in batun ya nufi kotu ko ana bincike, to a nan kada ka lalata ko takarda ɗaya. Shafuka shidan da yaron ya cika a babban littafi ba su yagu ba, tunda suna da lamba. Ƙungiya ta yanke a rufe wannan littafin a ajiye wurin amintattu, aka sayi sabo da kuɗin asusu, aka kuma rubuta dalilin canjin a shafin farko. Wanda ya fara da littafin gefe tun ranar farko ba zai jawo wa ƙungiyarsa wannan ɗawainiya ba.